Kuɗɗin awa guda cikin albashin wata: jawabin da anka yi a taron ƙungiyar ƴan Deule

 

Ƙungiya ta ɗora mana yin magana bisa wata wasiƙa da wani ƙanenmu ya aiko daga Yamai, inda yake aiki a wani gidan walda. Albashinsa jikka 42 ne a wata. Cikin watan Yuli na 2025 aiki ya yi yawa, ya ƙara awa 20 bisa ga lokacinsa, sai ubangidansa ya ba shi tamma 3.500 kuɗɗin ƙarin. Yaron ya karɓa ya yi godiya, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Tambayarsa ita ce: kuɗɗin awarsa guda nawa ne? Mu malaman lakkwal, rabawa da ninkawa munka sani, da su kuma za mu amsa masa. Za mu riƙa faɗin kuɗɗi da tamma kamar yadda ake rubutawa a takarda. Wanda ya saba da dala ya tuna tamma 5 ke dala guda, tamma 1.000 ke jikka guda.

Mu fara da abin da doka ta tsaida. Dokar aiki ta ƙasarmu, wadda anka sa wa hannu cikin watan Satumba na 2012, ta ce aikin sati awa 40 ne. Mafi ƙanƙantar albashi, wanda ake rubutawa SMIG, tamma 30.047 ne tun 2012, sannan daga baya anka ɗaga shi ya kai 42.000. Ke nan ƙanenmu yana bisa matakin ƙasa. Yana aiki Litinin zuwa Juma'a, awa 8 kowace rana.

Inda wuyar take shi ne, albashi ba ya motsi, amma watanni ba daidai suke ba. Ku ɗauko kalandar 2025 ku ƙirga daga Litinin zuwa Juma'a. Fabrairu yana da ranakun aiki 20, wato awa 160. Yuli yana da 23, wato awa 184. In munka raba 42.000 da 160, awa guda ta tashi tamma 262 da rabi. In munka raba da 184, ta faɗo 228. Mutum guda, aiki guda, ƙarfe guda, amma awarsa ta Yuli ta kasa ta Fabrairu da tamma 34. Da haka ake lissafin ƙarin aiki, da kowa sai ya so ya ƙara aiki cikin gajeren wata, ubangida kuwa ya so cikin dogo, kullum ana gardama.

Don haka masu lissafin albashi sunka bar wata sunka kama shekara, tunda ita ba ta da wannan hawa da sauka. Shekara sati 52 ce. Sati 52 sau awa 40 ya ba da awa 2.080. A raba su ga wata 12, kowane wata ya samu awa 173 da kashi ɗaya cikin uku. Shi ne lambar nan 173,33 da wasunku sunka sha gani a takardar albashi ba su san mafarinta ba. Babu watan da ake aikin awa 173,33 cif a cikinsa. Kamar manomi ne da ya tara hatsin shekara a rumbu ya kasa shi kashi 12 daidai, ko da wani wata ya fi wani kwanaki.

To, 42.000 a raba da 173,33 ya ba da tamma 242 da ɗan ɗoriya, wato dala 48 da tamma 2. Wannan shi ne kuɗɗin awar ƙanenmu daga Janairu har Disamba. Wanda waƙafin lambar ke damu, ga hanya mai sauƙi: ya ninka albashi sau 3, ya raba da 520. A nan 42.000 sau 3 ya zama 126.000, a raba da 520, a sake samun 242. Amsa guda ce.

Yanzu mu binciko inda 3.500 ta fito. In kunka raba ta da awa 20, za ku samu tamma 175, dala 35. Ubangidan ya raba 42.000 da kwana 30 ya samu 1.400, ya sake rabawa da awa 8 ya samu 175. A ido lissafin ya yi kyau, shi ya sa mutane da yawa ke yarda da shi. Amma kwana 30 sau awa 8 awa 240 ne, kamar a ce yaron yana walda har Asabar da Lahadi duka, babu ranar hutu ko guda. An zuba awoyin da ba ya aiki cikin mazubin rabawa, sai rabon kowace awa ya ƙanƙance. Da an bi 173,33, awa 20 za ta ba shi kamar 4.846. An rage masa kamar 1.346 ke nan, kusan kuɗɗin tiyar gero biyu in hatsi bai yi tsada ba. Kuma wannan tun ba a sa ɗorin da doka ta ce a yi wa awar da ta wuce 40 a sati ba.

Ɗorin nan shi ya sa tushen lissafi ke da nauyi, don bisa kansa ake gina shi. Mu ɗauki Abijan, inda da yawanku kuke zuwa. Can ma satin aiki awa 40 ne, mafi ƙanƙantar albashi kuma 75.000 ne tun farkon 2023. A raba da 173,33, awa ta tashi kamar 433. Dokarsu ta ce daga awa ta 41 zuwa ta 46 a ɗora kashi 15 cikin ɗari, abin da ya wuce nan a ɗora kashi 50. Wanda ya yi awa 50 da rana cikin sati, ban da Lahadi, yana da awa 6 a kan 498 da awa 4 a kan 649, jimla kamar 5.580. In anka fara da rabawar nan ta 240, ko an ɗora masa kason daidai, kamar 4.030 zai samu. Kun ga an bi doka a sama, an karkace a ƙasa. Kason ɗori na kowace ƙasa daban ne, amma hanyar samun tushen guda ce.

Akwai kuma kuskuren da ke tafiya ta ɗaya ɓangaren, wato a ce wata sati 4 ne, awa 160. Wata 12 sau sati 4 sati 48 ne, an zubar da sati 4 na shekara. Wannan yana ɗaga awa ta kai 262 da rabi. Ma'aikaci zai ji daɗinsa ranar biyan ƙari, amma ba zai ji daɗinsa ba ranar da za a yanke masa kuɗɗin fashi. Dattawanmu kun san ɗan kasuwar da ke da tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta saidawa. Haka nan wani ubangida ke yi: in zai biya ƙari ya raba da 240, in zai yanke ya raba da 160. Alamar gane shi ita ce ku duba takarda ku ga ko awar da anka biya da awar da anka yanke sun yi nisa da juna haka, 175 nan, 262 can.

Sai dai mu faɗi gaskiya, 173,33 ma tana da iyaka, kuma wajen yankan fashi take bayyana. A ce ƙanenmu ya taho gida noma bai yi aiki ba duk watan Yuli, ba kuma hutunsa na shekara ba ne. Awa 184 sau 242 da ɗoriyarta ya kai kamar 44.585, ya zarce albashin da 2.585, sai ya zama shi ake bi bashi. In Fabrairu ne, awa 160 ta ba da kamar 38.770, sai ya rage masa 3.230 alhali bai taɓa ƙarfe ba. Duka biyun hankali bai ɗauka ba. A nan lissafin da ke fita daidai shi ne a raba albashi da awoyin watan na gaskiya. Fashin kwana 2 cikin Fabrairu, awa 16 sau 262 da rabi, 4.200 ne. Cikin Yuli kamar 3.650 ne. Wannan ba tiya biyu ba ce, muddin haka ake yi kowane wata, gajere da dogo, ba a zaɓa. Wasu wuraren kuma da kwana 30 suke rabawa, 1.400 kowace rana. Wannan lissafin kwanan kalanda ne, har da Lahadi a ciki, bai kamata a sake raba shi da 8 a ce an samu kuɗɗin awa ba.

Iyaka ta biyu, lambar nan ta mai satin awa 40 ce. Ga aikin gona na albashi, dokarmu ta ƙirga awa 2.400 a shekara, wato 200 a wata, sai masu aikin wata a lambun albasa su lura. Aikin gadi ma yana da nasa ƙirgan daban, don ana ɗaukar wani sashe na zaman a matsayin jira. Wanda kuma ke yin awa 8 har Asabar, awa 48 yake yi a sati, 208 a wata. In 42.000 kaɗai ake ba shi, awarsa ta koma kamar 202, ta faɗi ƙasa da 242 da mafi ƙanƙantar albashi ke bayarwa. Awa 8 ɗin nan na Asabar ƙari ne, suna da kuɗɗinsu.

Abin da munka rubuta wa ƙanenmu shi ne ya sayi ɗan littafi, kullum ya rubuta lokacin shigarsa da na fitarsa, don lissafi ba ya tsayawa in babu shaidar awoyi. Ya je wajen ubangidansa cikin ladabi da alƙalami, ya tambaye shi da wace lamba ya raba, don mai yiwuwa shi ma haka ya tarar ana yi. In sun daidaita, madalla. In ba su daidaita ba, akwai ofishin sufetan aiki a Yamai, akwai a Tawa, aikinsu ke nan sasanta ma'aikaci da ubangida. Ku kuma da za ku koma bayan kaka, tun ranar kama aiki ku tambayi abu biyu: awa nawa ne satin, da wace lamba ake raba albashin. Matambayi ba ya ɓata.

Duk wanda ke da takardar albashi a aljihu ya tsaya bayan addu'a, mun zo da allo da alli, mu raba ta tare. Allah ya sa albarka cikin neman kowa, ya kai matafiya lafiya ya maido su lafiya. Wassalamu alaikum.