Allon awon tsayi da hannun mai awo: jawabi ga iyaye mata da rele na Arewa

 

Akwai wata ƙorafi da muke yawan ji daga bakinku. Uwa takan ce an auna ɗanta a gidan likita an rubuta wata lamba, da ta koma bayan sati biyu wani ma'aikacin ya auna shi ya rubuta wadda ba ta kai ta farko ba, sai ta tambaya ko yaro yana raguwa ne. Yaro ba ya raguwa. Ko tamowa ta kama shi, nama ne ke zubewa, ƙashi yana nan yadda yake. Idan tsayin da ke cikin karne ya koma baya, to kuskuren yana wurin allon awo ko wurin hannun da ya yi awon, kuma a kan waɗannan biyun zan yi muku magana.

Ku da ke awon hatsi a kasuwar Matankari ko ta Kore Mairuwa kun san cewa tiya ɗaya tana iya ba da awo biyu. Wata tiyar ta lotsa, kowa ya auna da ita sai ta cuci mai saye. Wata kuwa lafiyarta lau, amma wannan ya yi mata tozo, wancan ya share bakinta. Haka allon awon tsayi yake, sai dai a nan abin da ake awo a kai shi ne ko za a sa yaro cikin masu karɓar magani ko a sallame shi.

Ga dalili. Ma'aikacin lafiya ba ya duban nauyin yaro shi kaɗai. Yana ɗora nauyin a kan tsayi, ya duba jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2006, wanda ke faɗin nauyin da ya dace da kowane tsayi. Mu ɗauki yaro namiji ɗan wata 14, mai nauyin kilo 7 da giram 400, tsayinsa na gaskiya santimita 75. A wannan tsayi jadawalin ya sa iyakar tamowa mai tsanani a kilo 7 da giram 500. Yaron bai kai ba, saboda haka haƙƙinsa ne a rubuta shi, a ba shi abincin magani na gujiya, a riƙa ganinsa kowane sati.

Yanzu a ce mai awo bai danne gwiwoyin yaron ba, suka ɗan lanƙwashe, ya karanta 74. A santimita 74 iyakar ta sauko zuwa kilo 7 da giram 300. Yaron nan, da nauyinsa bai canza ba, ya haye iyaka da giram 100, sai a ce tamowarsa matsakaiciya ce. Santimita ɗaya, wadda ba ta kai faɗin yatsa ba, ta raba shi da maganin da yake bukata, idan awon dantsensa bai shiga ja ba kuma ƙafafunsa ba su kumbura ba. Kuskuren yana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma. Yaro mai kilo 8 da giram 200 a santimita 75 bai shiga tamowa ba, amma idan ya miƙe yatsun ƙafa ya tura katakon aka karanta 76, inda iyakar tamowa matsakaiciya take a kilo 8 da giram 300, za a rubuta shi cikin marasa lafiya, uwarsa ta yi ta tafiyar da ba ta zama dole ba a tsakiyar aikin gona.

Mu fara da allon kansa. Katako ne, kuma katako yana jin yanayi. Iskar hunturu tana busar da shi ya tsage, damina ta kumbura shi har katakon da ke zamewa ya riƙa cijewa, gara kuma ba ta barin wanda aka jingina da bangon ƙasa. Wanda ake ɗaurawa bayan babur ana zagaya ƙauyuka da shi, kusoshinsa sukan saki. Kafin a auna yaron farko a kowace ranar awo, a shimfiɗa allon a wuri mai tauri da ya daidaita. Yawancin ƙasarmu rairayi ne, allo kuwa idan ya kwanta kan rairayi yana lanƙwasa a tsakiya, don haka a nemi daɓen siminti ko tebur mai ƙarfi. A girgiza mahaɗa a ji ko tana motsi. A ja katakon da ke zamewa daga wannan kai zuwa wancan, a ga yana tafiya sumul, yana tsaye cak bai karkata ba. A bi lambobin da ido, musamman daga 60 zuwa 110 inda galibin yaranmu suke, domin nan ne hannu ya fi gogewa, nan ne lamba ta fi shafewa.

Sai babban gwaji. Kowane gidan likita ya kamata ya ajiye sanda ɗaya da aka san tsayinta, ta ƙarfe ta fi, an rubuta tsayin a jikinta, a ce santimita 100. A kwantar da ita kamar yaro, kanta ɗaya ya taɓa katakon kai, a jawo na ƙafa ya taɓa ɗaya kan, a karanta. Idan allon ya ce 100, a rubuta ranar cikin littafi a fara aiki. Idan ya kauce da milimita biyu ko uku, a sake dubawa ko yashi ne ya shiga ƙarƙashi, in ya nace a gaya wa majo. Abin da ba na so ku yarda da shi shi ne dabarar nan ta cewa “allonmu yana rage rabi, sai mu riƙa ƙarawa da ka.” Wanda ya san dabarar zai yi tafiya wata rana, wanda ya gaje shi bai sani ba.

Sandar nan tana raba gardama. Idan mutum uku suka auna ta duk suka samu lamba ɗaya marar daidai, laifin allo ne. Idan suka samu 100 su duka, amma a kan yaro ɗaya kowa ya zo da tasa, to a bar katako ya huta, a dubi hannuwa.

Abu na farko da ke raba hannuwa shi ne kwance ko tsaye. Yaron da bai cika shekara biyu ba a kwance ake auna shi, wanda ya cika a tsaye. Inda ba a san shekarunsa ba, wanda bai kai santimita 87 ba a kwantar da shi. Tsayin kwance ya fi na tsaye da kusan milimita 7, shi ya sa idan ɗan shekara uku ya kasa tsayuwa don rauni aka auna shi a kwance, sai an cire milimita 7 kafin a duba jadawali. Wannan ne kaɗai wurin da lamba za ta iya ɗan komawa baya ba tare da kuskure ba, wato ranar da aka fara auna yaro a tsaye.

Awon kwance aikin mutum biyu ne, kuma sau da yawa ke uwa ke ce ta biyun. Ki cire masa takalmi da hula. Idan ƴa mace ce kitsonta ya yi tudu a tsakiyar kai, ma'aikaci zai roƙi izininki a kwance shi, kada ki ɗauka raini ne. Ki durƙusa bayan katakon kai, ki tallabi kan yaron da tafukanki biyu ta wajen kunnuwa, ƙoƙon kansa ya taɓa katako, idanunsa suna kallon sama sosai, haɓarsa ba ta kwanta a ƙirji ba, ba ta kuma ɗaga ba. Ki yi masa magana, ganin fuskarki yana rage masa tsoro. Mai awo zai daidaita jikin yaron a tsakiyar allo, ya danne gwiwoyi a hankali da hannu ɗaya, ya jawo katakon ƙafa da ɗayan har tafin ƙafa ya zauna a kansa gaba ɗaya, yatsu suna kallon sama. Idan kin ji kan ya zame daga katako lokacin da yaro ke mutsu-mutsu, ki faɗa a take. Mai awo yana can wajen ƙafa, ba ya ganin abin da kike gani.

A tsaye, allon ya jingina da bango, ƙasa ta daidaita. Ƙeya, da kafaɗu, da ɗuwawu, da sha-raɓa, da dugadugai su taɓa allo, mataimaki ya riƙe gwiwoyi da idon sawu don kada yaro ya yi ɗage. Mai karantawa ya sunkuya har idonsa ya zo daidai da lambar. Dogon mutum da ya karanta daga sama da gajere da ya karanta daga ƙasa ba za su ga layi ɗaya ba. Ya faɗi lambar da ƙarfi har da milimita, mai rubutu ya maimaita ta kafin a saki yaro.

Ku rele, akwai alamar da za ku iya gani cikin rajista ko ba ku halarci awon ba. Ku bi layin tsayi na yara ashirin ko talatin. Idan kusan dukkan lambobin sun ƙare da sifiri ko biyar, to mai awo yana cikasa lamba ne da ka, bai tsaya ya ƙirga ƙananan layukan ba. Tsayin yara ba ya zaɓen lamba.

Hanyar da masu binciken abinci mai gina jiki ke gwada ma'aikatansu ita ce a tara yara goma masu lafiya, kowane mai awo ya auna kowane yaro sau biyu, ba tare da ya ga lambarsa ta farko ko ta abokinsa ba, a kwatanta da awon mai horarwa. Abu biyu ke fitowa. Wani awonsa na farko da na biyu ba sa haɗuwa, yau sama gobe ƙasa, wannan yawanci gaggawa ce ko rashin mataimaki. Wani kuwa awonsa biyu suna haɗuwa daidai, amma kullum yana ƙasa da na mai horarwa, a ce da rabin santimita. Shi ya fi wuyar ganewa, domin ya yarda da kansa kuma rajistarsa tana da kyaun gani, alhali ɗabi'a ɗaya yake maimaitawa, kamar tausayin danne gwiwa. Sai an tsaya kusa da shi an kalli hannunsa ake gano ta.

A binciken da aka gina jadawalin 2006 a kansa, mutum biyu ke auna kowane yaro, kuma idan tsayin da suka samu ya bambanta da fiye da milimita 7 sai su sake. Ku riƙe wannan a matsayin ma'auni. A watannin da rumbuna suka yi ƙasa, daga Yuni zuwa Satumba, layi yana da tsawo, ba za a iya auna kowa sau biyu ba. Amma yaron da nauyinsa ya faɗo dab da iyaka, kamar ɗan wata 14 da muka ambata, da wanda tsayinsa ya koma baya cikin karne, da wanda ya yi ta kuka har aka karanta lamba a guje, waɗannan a sake auna su, kuma wani hannun ya yi. Uwa tana da ikon cewa, “Malam, don Allah a sake, kansa ya zame.” Rele kuma ya rubuta lambobin biyu da sunan wanda ya yi kowanne, ya kai wa majo kafin a tashi daga awon ranar.