Tsabtace Bayanai Kafin a Ƙaura Zuwa Sabuwar Manhajar ERP



Manhajar ERP, ko SAP ce ko Odoo ko Business Central, tana haɗa ciniki da sayayya da sito da lissafin kuɗi a wuri guda. Kafin a rubuta rasit na farko a cikinta, sai an zuba mata jeri uku daga tsohon tsari: na abokan ciniki, na masu kawo kaya, da na kayan kansu. Kamfanoni da yawa kan bar gyaran jerin nan ga yaron da ya iya kwamfuta. A ganina wannan kuskure ne, domin kusan kowane gyara a cikinsu hukunci ne a kan kuɗi, kuma mai alhakin kuɗin ne ya kamata ya yanke shi.

Mu ƙaddara wani dila ne a Kasuwar Singa, nan Kano. A tsohon jerinsa akwai "Alh. Wane" mai lamba C-0412 da bashin naira 1,800,000. Akwai "Alhaji Wane & Sons", C-1190, da bashin 2,400,000. Akwai kuma "WANE ENT", C-2077, da bashin 900,000. Mutum ɗaya ne. Kowane magatakarda da ya zo ya neme shi bai gani ba, sai ya buɗe masa sabon shafi. Kamfani ya ƙayyade masa bashin da bai wuce miliyan 3 ba, kuma a kowane shafi yana ƙasa da ƙa'ida. Da an haɗe ukun, sai ga 5,100,000; ya zarce da 2,100,000 ba wanda ya sani. Idan aka loda su a rarrabe, sabuwar manhaja za ta ci gaba da ba shi kaya. Idan aka haɗe su ba tare da sanin manajan ciniki ba, ranar farko manhajar za ta toshe odarsa, ga motarsa a bakin sito. Ko a ɗaga masa ƙa'ida ko a nemi ya rage bashin, wannan magana ce da za a gama kafin ranar ƙaura.

To ta yaya ake gano irin waɗannan tagwaye? Suna ba ya wadatarwa, musamman a wurinmu, inda mutum ɗaya zai zama Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu ko Moh'd a wani wuri. Sai a nemi abin da ba ya canzawa: lambar rajistar kamfani ta CAC, lambar haraji ta TIN, in babu su lambar waya. Ita ma wayar sai an daidaita ta, domin wani ya fara da sifili, wani da +234, wani ya bar tazara a tsakiya. A Excel ana cire tazarar, a ɗauki lambobi goma na ƙarshe:

```
=RIGHT(SUBSTITUTE(B2," ",""),10)
```

Abin da ya fito iri ɗaya zato ne kawai. Uba da ɗa suna iya amfani da waya ɗaya alhali kowa da shagonsa da bashinsa. Kuma haɗe mutum biyu bisa kuskure ya fi barin tagwaye muni, tunda ka ɗora wa wani bashin da bai ci ba, warware shi kuwa sai an bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka wanda ke kai musu kaya, ya san fuskokinsu, shi zai duba ya sa hannu.

Bayan an haɗe, kada a jefar da tsofaffin lambobi. A ajiye jadawali mai nuna cewa C-0412 da C-1190 da C-2077 duk sun koma sabuwar lamba kaza. Da shi za a loda rasitan da ba a biya ba, kuma shi mai binciken kuɗi zai nema a ƙarshen shekara.

A ɓangaren masu kawo kaya, haɗarin yana wajen asusun banki. Lambar NUBAN goma ce cif, kuma da yawa suna farawa da sifili. Da zarar an buɗe fayil ɗin CSV kai tsaye a Excel, sai ta ɗauke su a matsayin adadi, ta cinye sifilin farko. Gwajin mai sauƙi ne, `=LEN(D2)<>10`, duk layin da ya nuna TRUE a ware shi. Mayar da sifilin ba shi da wuya, amma kada a tsaya nan: a tabbatar sunan da banki ya nuna ya dace da na mai kaya. Lokacin ƙaura hannaye da yawa ke taɓa fayil, kuma mai mugun nufi ba ya samun dama irin wannan ta sauya lambar asusu. Wanda ya gyara daban, wanda ya amince daban. Ku kuma adana fayil a tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya.

Sai kaya, inda na fi ganin an sha wuya. Tambayar ita ce: da me ake ƙirga? Dilan namu yana da katan 600 na taliya, kowane katan leda 20, a ce kuɗin katan naira 18,000, leda kuma 900. Darajar kayan 10,800,000 ke nan. A sabuwar manhaja an zaɓi leda a matsayin ma'aunin tushe. Idan aka loda 600 yadda take, manhaja za ta ga leda 600, darajar ta faɗo zuwa 540,000, har ta nemi a sake odar kayan da ke jibge a sito. Idan aka mayar da adadin leda 12,000 amma aka manta farashin yana na katan, darajar ta haura 216,000,000. Kuma yawancin manhajojin nan ba sa barin a canza ma'aunin tushe da zarar kaya sun fara shiga da fita. Shi ya sa dole mai kula da sito ya zauna a kan kowane layi, ya faɗi ma'auni da yawan abin da ke cikin katan ko buhu.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙananan kamfanoni ne. Target, babban kamfanin kantuna na Amurka, ya shiga Kanada a 2013 da sabon tsarin SAP. An shigar da bayanan kaya cikin gaggawa, da kurakurai a awo da girma, har da rikita inci da santimita. Kaya suka cunkushe a rumbuna, kantuna kuwa fayau. A Janairun 2015 ya sanar da rufe kantunansa 133. Akwai wasu dalilai, amma gurɓatattun bayanan kaya na cikin manya.

Ba kuma komai ake ɗauka ba. A yanke ƙa'ida, misali wanda ya shekara biyu bai yi ciniki ba kuma babu bashi tsakani, a bar shi a ajiyar tsohon tsari.

Daga nan a yi lodin gwaji a manhajar gwaji, a kwatanta. Idan tsohon jeri na da layi 4,000, aka haɗe 350, aka ajiye 900, to 2,750 za a gani, ba ƙari ba ragi. Jimillar bashin da ake bi, da wanda ake bin kamfani, da darajar kaya, kowanne ya yi daidai da tsohon littafi har kwabo. Yawan layi na iya raguwa, kuɗi kuwa ba ya raguwa. Sannan a sa ranar da za a daina buɗe sabon shafi a tsohon tsari, don kada a riƙa shara ana zubar da sabon datti a baya.

Roƙona ga shugabannin kamfanoni da ke zauren nan: kafin ku sa ranar ƙaura, ku naɗa mutum ɗaya a kan kowane jeri, manajan ciniki, akanta da shugaban sito, ku rage musu wasu ayyuka, kuma kada a loda fayil ɗin da babu sa hannunsu a kai.