Jadawalin da yake tafiya da rana: yadda nake raba yinina a tsakiyar Madina

  Injiniyanci na karanta, yanzu ina digiri na uku, ina zaune da iyalina a bakin Markaziyya, kusa da titin Sarki Faisal da ya kewaye unguwar Harami. An ce in yi magana a kan yanka yini gida-gida, kowane gida da aikinsa. Littafin Cal Newport na 2016, Deep Work, ya taimaka wajen yaɗa wannan tsari, sai dai ma'aikacin da yake magana a kai agogo kaɗai yake bi. Mu kuwa rana muke bi, ita kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Bari in fara da lissafi. A Madina, a ƙarshen Disamba ana kiran Asuba wajen 5:40, Magariba ma wajen 5:40 na yamma. A ƙarshen Yuni kuwa Asuba tana komawa wajen 4:05, Magariba ta kai 7:10. Azahar ba ta yin nisa, duk shekara tana tsakanin 12:05 da 12:35. Isha'i kuma, a kalandar Ummul Ƙura, minti 90 ce daidai bayan Magariba, in ban da Ramadan da take zama 120. To kun ga, tsakiyar yini a kafe take, gefunan biyu ne suke motsi. Wanda ya rubuta "karatu daga 4:30 zuwa 6:30 na yamma" a watan Satumba, kafin Disamba Magariba ta shigo tsakiyar gidan nan ta raba shi biyu. Shi ya sa ba na rubuta ƙarfe kaza. Abin da nake rubutawa shi ne "bayan Asuba da minti 45", "kafin Magariba da minti 20". Kowace Asabar da dare sai in ɗauko lokutan makon in mayar da su agogo, aikin da bai wuce minti goma ba.

Abu na biyu shi ne sanin abin da salla take ci na lokaci, daga fita gida zuwa dawowa. Ku auna da agogo na mako ɗaya, kada ku yi kirdado. Daga gidana zuwa harabar Masallacin Annabi (SAW) tafiyar minti 15 ce. Jiran iƙama kimanin 20, salla 10, sallar jana'iza da ake yi bayan kusan kowace farilla 5, fita cikin cinkoso da dawowa gida 20. Jimla minti 70. Sau biyar, awa shida saura kaɗan ke nan. A masallacin unguwa ko na jami'a, minti 30 ya isa. Kowa ya san falalar salla a wannan masallaci, ita ce ma ta sa da yawanmu muka zaɓi garin nan. Amma tallafin karatu yana da wa'adi, kuma iƙamar zama a ƙasa tana rataye da karatun. Don haka na zaɓa: ranakun aiki, Lahadi zuwa Alhamis, Asuba da Magariba da Isha'i a Harami, Azahar da La'asar a jami'a.

Magariba da Isha'i gida ɗaya ne a wajena. In aka idar da Magariba minti 25 bayan kiran salla, na yi 20 zuwa gida, sannan na fito saura 15 a kira Isha'i, daga cikin 90 ɗin 30 kawai ya rage. Ba ya isar komai. In na zauna a masallacin kuwa ina da awa guda cur, tafiya ɗaya ta ɗauke salla biyu. A nan nake tilawa, ko in duba shafukan da na buga da biro a hannu.

Ga misalin Talata a Disamba. Na dawo daga Asuba wajen 6:35. Mai ɗakina tana shirya yarinyarmu, ni ina haɗa shayi, mu karya tare har 7:15. Hanyar jami'a minti 20 ce in babu cinkoso, amma 35 nake rubutawa, saboda motocin alhazai da masu Umara da suke tsayawa a bakin otal-otal. Daga 8:00 zuwa 12:00 babu waya, babu saƙo. Wannan shi ne gida mafi tsawo da babu salla a cikinsa, shi nake ba wa rubutun kundi da lissafi mai wuya. Daga Azahar zuwa La'asar, wato 3:20, na ganawa da malamin da yake duba aikina ne, da ɗakin gwaji, da amsa wasiƙu. In akwai lissafin da kwamfuta za ta daɗe tana yi, kafin in tashi alwala nake kunna shi, ya yi ta tafiya ina salla. Bayan La'asar na iyali ne: cefane, asibiti, wasa da yarinya. Lura a nan: a Disamba tsakanin La'asar da Magariba awa biyu da minti 20 ne kawai, in an cire salla da hanya da fita Harami, abin da ya rage bai wuce awa ɗaya ba. Shi ya sa a hunturu nake ƙara wa iyali bayan Isha'i, tunda kafin takwas da rabi na dawo.

A Yuni abin yana juyewa. Yamma ta kai awa uku da rabi, dare kuma ya gajarta. Isha'i 8:40, Asuba 4:05, in aka cire salla da abinci barcin bai kai awa shida ba. To a bazara ƙailula gida ce mai zaman kanta, minti 40 bayan Azahar, lokacin da zafi ya haura digiri 40. Aiki mai nauyi kuma ina fara shi a gida tun biyar da 'yan mintuna, kafin a buɗe jami'a.

Sai kiran gida. Madina tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. In na kira mahaifiyata da 7:45 bayan Isha'i a Disamba, a Kano 5:45 ne, Magariba ta kusa, gaisuwa kawai za a yi. Sai in jinkirta zuwa 8:45, ta idar da salla. A Yuni 9:15 ɗinmu ita ce 7:15 ɗinsu, tsakanin Magariba da Isha'i, hira ta yi daɗi.

Yaya za ka gane jadawalin ya fara lalacewa? Alama biyu nake dubawa. Ta farko, gidan safe ya fara a makare kwana uku a jere. Wannan matsalar dare ce, ka duba lokacin kwanciyarka. Ta biyu, aikin jami'a ya fara cin gidan bayan La'asar. Iyali ba sa rubuto takardar gargaɗi kamar yadda jami'a take yi, shi ya sa nasu ne yake fara tafiya. Maganin shi ne barin yammacin Alhamis fanko, don biyan bashin mako. Baƙi daga gida ma a sa su a lissafi, domin wanda yake zaune a Madina ba ya rabo da alhazai. Nakan ce musu mu haɗu a Harami tsakanin Magariba da Isha'i, ziyarar Ƙuba da Uhudu kuma ranar Asabar. A Ramadan da makonnin Hajji sabon jadawali ake yi gaba ɗaya.

'Yan uwa da suke Ingila ko Malesiya, lambobinku daban ne, amma ku fara da auna mako ɗaya kamar yadda na faɗa. Allah ya sa albarka a lokutanmu, ya ba mu ilimi mai amfani.