Yadda Ake Karanta Hoton Ciki

Wannan jawabi ne da wata malamar asibiti ta yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci na mata. Ga abin da ta ce:

Da yawanku an yi muku hoton ciki wurin awo, an ba ku takarda, kun kai gida kun adana. To, yau za mu karanta ta tare.

Na'urar hoton ciki da sauti take aiki, sautin da kunne ba ya ji. Tana aika shi cikin mahaifa, ya dawo, ya zama hoto. Ƙashi yakan fito fari. Tsoka takan fito toka-toka. Ruwa kuwa baƙi yake fitowa. Saboda haka baƙin da kika gani kewaye da jariri ba ciwo ba ne, ruwan da yake kwance a ciki ne.

Abu na farko da muke nema shi ne kwanakin ciki. A wata uku na farko, mukan auna ɗan tayi daga kai zuwa ɗuwawu. A mako 12 tsawonsa kamar santimita 5 zuwa 6 ne, wato kamar ƙaramin yatsa. Lissafin wannan lokaci ba ya kuskure da fiye da mako guda. Amma in sai ciki ya tsufa aka fara hoto, ana iya kuskure da mako 3. Shi ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi wa mai ciki hoto kafin mako 24. A takarda, GA shi ne makonnin ciki, EDD kuma ranar da ake sa ran haihuwa. Hasashe ne kawai. Mata kaɗan ne ke haihuwa daidai a ranar.

In ciki ya girma, mukan auna wuri uku. HC shi ne kewayen kai. AC shi ne kewayen tumbin jariri. FL shi ne tsawon ƙashin cinya. Gaban kowanne akan rubuta makon da ya dace da shi. In ukun suna kusa da juna, kuma sun dace da kwanakin ciki, girma yana tafiya daidai.

Sai ruwa. Bayan rabin ciki, yawancin ruwan nan fitsarin jariri ne. Yana haɗiye shi, yana fitsarar da shi. Mukan raba ciki gida huɗu, mu auna zurfin ruwa a kowane gida, mu haɗa. Jimlar ita ce AFI. Daga 5 zuwa 24 ba laifi. Ƙasa da 5, ruwa ya yi kaɗan: ko faya ta tsage yana zuba, ko ciki ya wuce kwanakinsa, ko mabiyya ta gaza. In ya kai 25, ya yi yawa, sai mu gwada uwa ko tana da ciwon suga, mu kuma duba ko jariri yana haɗiya.

Ga misali. Mace ta yi hoton farko a mako 12, don haka mun san kwanakinta. Ta dawo a mako 32. Kai ya nuna mako 32. Cinya ma haka. Amma tumbi ya nuna mako 28, AFI kuma 4. Nauyinsa kamar kilo ɗaya da rabi, alhali ya kamata ya doshi kilo 2.

Me wannan ke nufi? Jariri yana jin yunwa. Mabiyya ba ta kai masa isasshen abinci. Sai jikinsa ya tura jini zuwa ƙwaƙwalwa, kai ya ci gaba da girma, tumbi ya rame. Ƙoda ma ba ta samun jini sosai, fitsari ya ragu, ruwa ya ragu. Sau da yawa hawan jinin uwa ne sanadi. Irin wannan mace mukan gwada jininta da fitsarinta nan take, mu tura ta babban asibiti. Can za a riƙa duba jariri akai-akai, wataƙila ma a haihe shi kafin lokaci. Da ba ta yi hoton farko ba, da ana iya cewa kwanaki ta ɓata, a sallame ta.

Ba komai ne hoto yake gani ba, kuma nauyin da ya faɗa ƙiyasi ne. Ko an ce miki lafiya lau, in motsin jariri ya ragu, ko ruwa ko jini ya zubo, ko kai ya yi ciwo mai tsanani, ki zo asibiti a ranar, kada ki jira ranar awo. Maigida ya taimaka da abin hawa. Ku zo da takardar hoton farko duk lokacin da za ku zo, domin da ita muke gwada sauran.

Allah ya raba lafiya.