Idan Mamaci Ya Ba Da Shawara a Mafarki, Wa Ta Hau Kansa?

 

Da wuya a sami gida daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango wanda ba a taɓa tashi da safe wani ya ce ya ga Baba ko Inna a mafarki ba. Yawanci ba a fi 'yan makonni da dawowa daga maƙabartar Tafo ba ake fara jin haka. Abin da ya fi damuna shi ne mafarkin da mamaci ya yi magana a cikinsa, ya ce a yi kaza ko a bar kaza, domin shi ne yake raba zumunci.

Mu ɗauki misali. Wani dattijo ya rasu ya bar gida ɗaya a Aboabo, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mu ƙaddara gidan ya kai sidi 400,000, ba bashi, ba wasiyya. A rabon Musulunci matar tana da tumuni, wato 50,000. Ragowar 350,000 a kasa biyar: kowane namiji 140,000, macen 70,000. Ƙaramin yana son a sayar ya sami jari. Ana saura kwana uku sadakar arba'in, sai babban ya tara su ya ce ya ga Baba cikin farar riga, zaune a kan buzunsa a zaure, ya ce masa kada a sayar da gidan nan.

Mahaifiyarsu, mu ce, 'yar Tonawa ce da ta musulunta kafin aure. A gidan da ta tashi, kakannin da suka rasu suna nan suna lura da dukiyar dangi, ana zuba musu ruwa ko giya a ƙasa ana kiran sunayensu, kuma duk kwana 42 ana yin Akwasidae a Manhyia don girmama su. Ta bar waɗannan tun tuni, amma da ta ji mafarkin sai jikinta ya mutu, ta ce wa ƙaramin: "Ɗana, ka ji tsoron bakin uba." A wurinta maigida ne ya yi umarni, saɓa masa kuwa na iya jawo ciwo ko karayar arziki.

Kawunsu ɗan ɗariƙa ne. Shi ma ya ɗauki mafarkin da nauyi, amma ta wata hanya dabam. Ya ce malamai sun tabbatar cewa rayukan masu barci suna haɗuwa da na matattu, kamar yadda Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi bayani a Kitabur Ruhi yana kafa hujja da aya ta 42 ta Suratuz Zumar. Ƙaramin kuwa, wanda yake karatu wurin malaman Ahlussunna, ya ce wa wansa: "Yaya, mafarki ba ya raba gado."

Ni dai a ganina maganar ƙaramin ce daidai a hukunci, ko da yake zai iya faɗinta da sanyin murya. Hadisin da Buhari da Muslim suka rawaito daga Abu Huraira ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum yake saƙawa a ransa. Ba wanda zai iya leƙa barcin wani ya tantance wanne ne a ciki. Shi ya sa Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya tsaya a kan cewa ba a gina hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba, sai an auna shi da shari'a. To, ko da ransa uban ya yi wasiyya, ba za ta wuce sulusin dukiya ba, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Abin da bai iya zartarwa yana numfashi ba, ta yaya zai zartar da shi daga kabari ta bakin ɗa ɗaya?

Na san wani malami a nan zai tuna mini da Sabitu ɗan Ƙaisu, sahabin da ya yi shahada a yaƙin Yamama zamanin Sayyidina Abubakar. An rawaito cewa ya zo wa wani mutum a mafarki ya gaya masa an ɗauke sulkensa, an kifa tukunya a kansa a can ƙarshen sansani, ya kuma lissafa bashin da ake bin sa. Gaskiya ne an zartar da wasiyyarsa. Amma ku duba yadda aka yi: sai da Halidu ɗan Walidu ya aika aka je aka tarar da sulken a inda aka ce. Da za a gaya muku a mafarki cewa wani mai goro yana bin Baba kuɗi, ku tashi ku je kasuwa, ku tambaya, ku duba littafin bashinsa. In an tabbatar, a biya kafin a raba gado. Hujjar da aka samu a farke ita ce ta wajabta biyan.

Sai dai kada kowa ya fita daga nan yana cewa babban wan ƙarya ya yi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014, kan mutum 278 da aka yi wa rasuwa, ya sami kashi 58 cikin ɗari sun yi mafarkin mamacinsu. Wannan ɗa shi ya yi jinyar mahaifinsa, shi yake wuce zauren nan kullum ya ga buzun a naɗe a jikin bango. Ya shekara da shekaru yana jin ra'ayin tsohon a kan gidan, har ya haddace muryarsa. Mai yiwuwa ne ƙwarai ya ga abin da ya ce ya gani. Amma kuma shi ne yake zaune a gidan, shi yake karɓar kuɗin hayar ɗakunan baya, kuma zuciya ta iya ƙawata wa mutum abin da yake so. Duk lokacin da mamaci ya faɗi daidai abin da zai amfani mai mafarkin, a aljihun wani kuwa za a cire, to a dakata.

Mafita a nan ba ta da wuya. Mafarkin na wanda ya gan shi ne. In ya gaskata, ya riƙe nasa kason, ya nemi sayen na ƙaninsa a kan 140,000, ko da kashi-kashi ne, a rubuce, a gaban shaidu. In ƙanwar da mahaifiyar sun yarda su bar nasu a cikin gidan, hakkinsu ne. Ku kuma tuna cewa in rigima ta kai kotu, akwai dokar gado ta ƙasa ta 1985, wadda ake kira PNDC Law 111, kuma alƙali ba zai saurari mafarki ba.

Akwai wani iri kuma da ba ya jiran shawarar dangi: wanda mamaci yake yafito mutum yana cewa ya biyo shi, ko yake zuwa da fushi dare bayan dare. Sunna ta koyar da a yi tofi sau uku ta hagu, a nemi tsarin Allah, a juya kwanciya. A yi haka. Amma idan an wuce wata shida mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina fita kasuwa, wannan baƙin ciki ya zama ciwo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka. Wanda kuwa ya fara cewa gara ya bi mahaifiyarsa, kada a jira ko kwana ɗaya. Malamanmu, ku ake fara kawo wa irin waɗannan. Ku yi musu addu'a, sannan ku sa wani ɗan'uwa ya raka su ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye.