Agogon Wasan Ces: Ƙari, Jinkiri da Faɗuwar Tuta



Abin da ya tara mu yau shi ne agogon nan mai fuska biyu da ake ajiyewa a gefen allon ces. Kowa ya san ƙa'idarsa: in mutum ya yi motsi sai ya danna maɓalli da hannun da ya ɗaga ɗan wasa da shi, lokacinsa ya tsaya, na abokin karawarsa ya kama tafiya. A agogon da, wata 'yar tuta ce hannun minti yake ɗagawa har ta faɗi, shi ya sa har yanzu in lokaci ya ƙare ake cewa tuta ta faɗi. Illar wannan agogo ita ce mutum yakan fi ƙarfin abokinsa nesa ba kusa ba, amma a ci shi don kawai hannunsa bai kai saurin na wancan ba.

Magani biyu aka kawo. Na farko shi ne ƙari, wanda ake jingina wa Bobby Fischer, aka kuma yi amfani da shi a karawarsa da Boris Spassky a 1992: duk motsin da mutum ya kammala, agogo ya ƙara masa wasu sakan. Na biyu shi ne jinkiri, wanda ya fi yaɗuwa a Amirka: agogo yana jira na wasu sakan kafin ya fara cin lokacin mai motsi.

Bari mu yi lissafi. A ce sakan 20 suka rage mana, muka yi motsi uku: na farko ya ci sakan 2, na biyu 2, na uku 9. In ƙarin sakan 5 ake yi, bayan na farko muna da 23, bayan na biyu 26, bayan na uku 22. In kuwa jinkirin sakan 5 ne, motsi biyun farko ba su taɓa mu ba, muna nan kan 20, amma rarar sakan ukun da muka bari kowane karo ta tafi ke nan. A na uku aka cire mana 4, muka koma 16. Watau ƙari asusu ne, ana tarawa a motsin da ba ya bukatar tunani don a kashe inda wasa ya rikice. Jinkiri ba ya taruwa, saboda haka wanda ya yi gaggawar motsi cikin sakan ɗaya bai ci ribar kome ba. Tsarin David Bronstein, mai mayar wa mutum abin da ya kashe har iyakar jinkirin, shi ma kan 16 zai ajiye mu. A lura kuma, ƙarin da ke biyo bayan motsi sai an danna yake shiga. In agogo ya kai sifiri hannunmu na sama, ba ya ceto.

To, in tuta ta faɗi fa? A dokar hukumar FIDE, tuta ta faɗi ne idan alƙalin wasa ya gani, ko ɗan wasa ya yi da'awa ta gaskiya. Wanda lokacinsa ya ƙare an ci shi, sai fa in babu wata hanya ta halal, kome wautarta, da abokin karawarsa zai bi ya kashe masa sarki. Nan sai a yi canjaras.

Wannan sharaɗi shi ke haddasa gardama. Fari yana da sarki da doki kaɗai, Baƙi yana da sarki da soja ɗaya a layin a, sai lokacin Baƙi ya ƙare. Baƙi zai ce doki ɗaya ba ya kisa. Amma mu dubi allo: sarkin Baƙi a kan a1, sojansa a kan a2, sarkin Fari a kan c2, doki ya sauka kan b3. Sarki ya mutu, sojansa ne ya tare masa ƙofa. Tun da hakan na yiwuwa, an ci Baƙi, ko da mai hankali ba zai shiga lungun ba. Abin mamaki, da sarauniya ce a hannunsa maimakon sojan, canjaras ne, domin duk inda ta tsaya ta tare wa sarkinta hanya tana iya cinye dokin. A ganinmu dokar tana da tsauri, amma ta hutar da alƙali daga hasashen abin da mai hankali zai yi.

Motsin da ya kashe sarki kuwa yana rufe wasa nan take, muddin an yi shi kafin tutar ta faɗi, ko ba a danna agogo ba. Saura batun rubutu: wanda ya rage masa ƙasa da minti 5 an ɗauke masa rubuta motsi, amma in ƙarin ya kai sakan 30 babu wannan rangwame, sai ya rubuta har ƙarshe. Don haka kafin motsin farko mu tabbata irin tsarin da aka saita wa agogon, da yawan sakan ɗinsa, in da shakka mu kira alƙali ya duba.