Idan Jimilla Ta Daidaita Amma Lissafi Ya Karkace: Matsalar Takardun Aikin Leja da Muke Ba Ɗalibai



Ba zan tsaya bayanin debit da kiredit ba, domin duk wanda ke zauren nan da su yake cin abinci. Ƙorafina a kan takardar aikin da muke raba wa ɗalibai ne, wadda ke ɗauke da jerin hada-hada guda tara ko goma, a ce su shigar a leja, su rufe kowane asusu, su fitar da tirayal balans. Yaro na ganin jimillar hagu ta yi daidai da ta dama sai ya ja layi biyu a ƙasa, malami ya sa jan biro ya ba shi maki, a wuce babi na gaba. Da wannan tsari mun koya wa ɗalibi cewa daidaituwar jimilla shaida ce ta ingancin lissafi, alhali ba haka ba ne. Zan nuna hakan da takarda guda ɗaya.

Mu ɗauki mai shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano, cikin watansa na farko. Ya fara da jarin naira 500,000 tsaba. Ya sari kaya na 200,000 kuɗi hannu, ya kuma ɗauki na 150,000 bashi daga wani dila, mu kira shi Alhaji Sani. Ya yi cinikin 180,000 kuɗi hannu, sannan ya ba wata mai sayar da abinci, Hajiya Larai, kayan 90,000 bashi. Daga baya ya rage wa dila 100,000, ya biya hayar shago 30,000, Hajiya ta kawo 54,000 daga cikin bashinta, shi kuma ya ɗebi 20,000 ya yi cefanen gida. Hada-hada tara ke nan.

Asusun tsabar kuɗi ne ya fi aiki. Abin da ya shigo, wato jari da cinikin hannu da biyan Hajiya, ya kama 734,000 a ɓangaren debit. Abin da ya fita, wato sari da biyan dila da haya da cefane, ya kama 350,000 a ɓangaren kiredit. Ragowa 384,000, kuma ita ce ya kamata a tarar a cikin durowa ranar ƙarshen wata. Ana bin Hajiya 36,000, dila na bin shago 50,000. Idan aka jera ragowar kowane asusu, ɓangaren debit zai ƙunshi tsabar kuɗi 384,000, sari 350,000, Hajiya 36,000, haya 30,000 da ɗibar mai shago 20,000. Ɓangaren kiredit zai ƙunshi jari 500,000, ciniki 270,000 da dila 50,000. Kowane ɓangare 820,000. A nan takardunmu ke tsayawa, alhali a nan aikin akanta yake farawa.

Kurakuran da tirayal balans ke kamawa ba su ne damuwata ba, sai dai ko su ma ba mu koya wa yara yadda ake farautarsu. A ce ɗalibi ya rubuta biyan Hajiya daidai a asusun tsabar kuɗi, amma a nata asusun ya juya lambobi, ya sa 45,000 maimakon 54,000. Debit zai tashi 829,000, kiredit 820,000, bambanci 9,000. Duk lokacin da bambanci ya rabu da tara ba saura, abin da za a fara zargi shi ne an musanya wuraren lambobi biyu. Ko kuma a ce ya kai haya ɓangaren kiredit. Debit zai sauka zuwa 790,000, kiredit ya hau 850,000, bambanci 60,000. A raba shi biyu, a nemi adadin 30,000 a cikin leja, ga mai laifi nan. Dabaru biyu ne da ba su wuce darasin rabin awa ba. Amma abin da na saba gani a littattafan ɗalibai shi ne shafin da aka goge har ya kusa hujewa, yaro ya sake tarawa sau da yawa, daga ƙarshe ya leƙa na maƙwabcinsa ya kwafi 820,000 ya dasa a ƙasan jadawalin da bai kai hakan ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kuskure na farko da jimilla ba ta nunawa: mu koma kan wannan 54,000, amma a wannan karo yaron shago ne ya rubuta 45,000 tun a littafin farko, aka ɗauke ta haka aka kai asusu biyun. Tsabar kuɗi za ta nuna 375,000, bashin Hajiya ya nuna 45,000. Ku tara: debit 820,000, kiredit 820,000. Jimillar ko motsi ba ta yi ba, ita ce dai wadda ke cikin takardar amsar malami. Amma gobe za a aika wa Hajiya Larai a ce ta kawo 45,000, ita kuwa ta san 36,000 ake bin ta, kuma gaskiyarta ce. Babu wani lissafi a kan takarda da zai tona wannan. Abu biyu kaɗai ke tona shi: a ƙirga kuɗin durowa a ga rarar 9,000 da littafi bai san da ita ba, ko a ɗauko kwafin rasit ɗin da aka ba ta. Takardar aikinmu ba ta da durowa, ba ta da rasit.

Na biyu, a ce an manta da kayan 90,000 da aka ba Hajiya bashi, ba a shigar ko'ina ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a kasuwa, inda ake ɗaura kaya a bayan mai babur ana cewa za a rubuta anjima. Ciniki zai tsaya a 180,000. Asusun Hajiya ba zai ƙunshi komai ba sai biyanta na 54,000 a ɓangaren kiredit. Tirayal balans zai ba da 784,000 hagu, 784,000 dama, ya daidaita tsaf. Sai dai a nan akwai alama ga mai ido: kwastoma ta bayyana a jerin masu bin shago bashi. Me zai sa shago ya ci bashin mai sayen kaya? Yana yiwuwa ta biya kafin alƙalami, amma dole a tambaya. Ɗalibin da aka horar da kallon jimilla kawai ba zai yi tambayar ba, saboda ba a taɓa ce masa ya karanta jadawalin layi-layi yana neman ragowar da ta zauna a ɓangaren da ba nata ba.

Na uku ya fi yawa a ƙananan shaguna. Kuɗin cefane 20,000 an zuba su a asusun haya, ko a wani asusun kashe-kashen shago. Jimilla tana nan 820,000. Amma haya ta zama 50,000, ribar wata ta ragu da 20,000 a kan takarda, kuma mai shago ba zai taɓa ganin yawan abin da gidansa ke ci daga jari ba. Da yawa daga masu cewa kasuwa ta ƙi, jarin nasu ta wannan ƙofa ya zurare.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: ai kurakuran da tirayal balans ba ya nunawa suna cikin manhaja, kuma WAEC da NECO suna tambayarsu. Haka ne. Suna nan a babinsu na daban, an jera su da sunayensu, yara su haddace su kamar karatun allo su zuba a jarrabawa. Yaron da zai lissafo maka su duka ba tare da numfashi ba, ka miƙa masa lejar da ke ɗauke da ɗaya daga ciki, zai tara, ya ga ta daidaita, ya dawo maka da ita ya ce lafiya lau. Ya san sunan ciwon, bai taɓa ganin mai ɗauke da shi ba.

Abin haushi, wanda ya fara wallafa bayanin wannan tsari bai koyar da shi haka ba. Luca Pacioli, a littafinsa da aka buga a Venice a 1494, ya fara ne da cewa ɗan kasuwa ya ƙirga duk abin da ya mallaka da duk abin da ake bin sa. Sannan ya kawo littattafai uku: na tuni, inda ake rubuta kowace hulɗa yadda ta faru, sai jona, inda ake tantance wane asusu ne debit wane ne kiredit, sai leja a ƙarshe. Mu mun yanke ƙirga, mun yanke littafin tuni, sau da yawa har jonar muna tsallakewa. Muna miƙa wa yaro jerin da aka riga aka tace, kowane layi da fi'ilinsa da ke raɗa masa amsa: "ya saya bashi", "ya biya tsaba". A shago babu mai faɗa maka haka. Rasit ne mai maiƙo, da shafin littafin bashi, da saƙon banki a waya.

Abin da nake nema bai buƙatar sabon kasafi. Malami ya riƙa fitar da takardar aiki kashi biyu. Kashin farko shi ne wanda muka saba, amma a ba da hada-hadar a siffar takardun asali: kwafin rasit, takardar kayan dila, saƙon shigar kuɗi, ɗalibi ya tantance da kansa wanne ne bashi wanne ne tsaba. Adadin kuma ya daina zama dubu ɗari-ɗari zalla, domin lamba irin 200,000 ba ta juyuwa, ba za ta taɓa koya wa yaro dabarar tara ba. Kashi na biyu a ba shi lejar da wani ya riga ya cike, tirayal balans ɗinta ya daidaita, an dasa kuskure biyu a ciki, tare da layi ɗaya a ƙasa: an ƙirga kuɗin durowa an sami 384,000, Hajiya kuma ta ce 36,000 ake bin ta. Aikinsa ya gano inda littafi ya saɓa wa waɗannan, ya rubuta shigarwar gyara a jona. A misalin yaron shago gyaran layi biyu ne, debit tsabar kuɗi 9,000, kiredit Hajiya Larai 9,000. Makin kuma ya koma kan kowace shigarwa da dalilinta, jimillar ƙarshe ta samu kaso kaɗan.

Akwai batun yawan ɗalibai a aji da wahalar duba irin wannan aiki, na yarda. Ana iya sa su musanya littattafai, kowa ya binciki na ɗan'uwansa.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne uzurin jami'an da ke zagayen duba makarantu. Su zo, su buɗe kundin darasi, su ga an rubuta an kammala leja a mako kaza, tirayal balans a mako kaza, su sa hannu su shiga mota. Ban taɓa ganin wanda ya zauna ya ɗauki littafin ɗalibi ɗaya ya bi hada-hada ɗaya daga jeri zuwa asusu biyunta ba, aikin da bai fi minti biyar ba. Idan ka kawo maganar sauya takardun aiki sai a ce ba ya cikin tsarin zango, a jira umarni daga sama. Wane umarni ake jira kafin a sa rasit a gaban mai koyon lissafin kuɗi? Manhajar ba ta hana ba, babin gyaran kurakurai yana cikinta. Abin da ake buƙata shi ne a bar malami ya haɗa shi da babin leja tun daga takardar farko, kuma mai duba makaranta ya daina ɗaukar hakan a matsayin kauce wa tsari. Ina roƙon wannan taro ya sa buƙatar nan cikin takardar bayan taro, da sunan shugabannin sassan kasuwanci na makarantunmu, domin su ne za su fara aiwatarwa a zango mai zuwa.